Gyaran Saƙon Ban-Haƙuri: Abin Da Ake Gogewa Kafin A Tura

Yawancin saƙonnin ban-haƙuri da ke lalacewa ba rashin nadama ne ke lalata su ba. Mai saƙon ya yi nadama da gaske, wani lokaci har barci ya ƙaurace masa. Sai dai a lokacin da ya ɗauki waya zai rubuta, kunya da tsoro ne ke riƙe da hannunsa, kuma su biyun kowanne yana da irin maganar da yake sa mutum ya faɗa. Tsoro kan sa a jero uzururruka don laifin ya yi sauƙi. Kunya kan sa mutum ya yi ta zagin kansa da magiya don a yi sauri a ce ya wuce. Wanda aka ɓata wa rai yana karanta saƙon har ƙarshe bai ga inda aka ce “ni na yi” ba, sai ransa ya ƙara ɓaci, shi kuma mai saƙon ya koma yana mamakin abin da ake so da shi bayan ya ba da haƙuri.

Don haka rubutun farko ba na turawa ba ne. Na ajiyewa ne a gyara. Gyaran kuma ba ado ake yi wa magana ba, tambaya ɗaya ake bin kowace jimla da ita: wannan jimlar, shi wanda na cuta take yi wa aiki, ko ni?

Bari mu ɗauki misali irin wanda kusan kowa ya taɓa gani a danginsu. Wani matashi mai gyaran waya a kasuwa ya ranci naira dubu 150 a hannun yayansa, ɗan kawunsa, don ya saro kayan gyara. Yayan ya gaya masa tun farko cewa kuɗin makarantar yara ne, shi kuma ya yi alƙawarin mayarwa ranar 30 ga wata. Ranar ta zo ta wuce, har aka ƙara kwana 20. Yayan ya yi ta kira, ƙanen yana gani yana kifa wayar. Ya daina bi ta layinsu, ya daina zama a majalisar da suke haɗuwa. Daga baya ya ji a gida cewa an koro yaran daga makaranta, sai da yayan ya je ya ranto a wani wuri. A daren da ya ji haka ya zauna ya rubuta wannan:

“Salam Yaya, barka da dare, ya iyali? Wallahi tallahi ban san ma ta inda zan fara ba. Don Allah don Annabi ka yi haƙuri da abin da ya faru. Ka san yanayin kasuwa yanzu, ga wanda na ba kaya bashi ya ƙi biya, ga jikin Inna, kuma wayata ma ta yi ta ba ni matsala. Akasi aka samu, ba da gangan ba ne. Idan ranka ya ɓaci ka yafe mini, amma ka san ni ba haka nake ba. Ni dai na san butulu ne ni, ban cancanci alherinka ba, kwana uku ke nan ba na iya barci ba na iya cin abinci. Don darajar iyayenmu kada ka riƙe ni a zuciya. In sha Allahu ba da daɗewa ba za ka ji ni. Don Allah ka amsa mini ko hankalina ya kwanta.”

Duk wanda ya karanta wannan zai ji cewa yaron yana cikin damuwa. Amma a sake karantawa da idon yayan, wanda ya tsaya gaban wani yana roƙon rance saboda yaransa suna zaune a gida. Me ya samu a ciki? Bai ga an ambaci kuɗin ba. Bai ga an ambaci kiran da aka ƙi ɗauka ba. Bai ga yaransa ba. Bai ga ranar da za a biya shi ba. Abin da ya gani shi ne labarin kasuwar ƙanensa, da barcinsa, da cikinsa, sannan aka ɗora masa aiki uku: ya yi haƙuri, ya yafe, ya kuma amsa da wuri.

Ina laifin yake?

Gyaran farko shi ne a nemo laifin a cikin saƙon a ga ko an kira shi da sunansa. A nan an lulluɓe shi sau biyu: “abin da ya faru” da “akasi aka samu”. Harshenmu ya ba mu hanya mai sauƙi ta faɗar aiki ba tare da mai aikin ba: an samu matsala, an yi kuskure, an samu saɓani. A wurare da yawa wannan ladabi ne, domin da shi muke rufa wa wani asiri idan shi ya yi laifin. Amma idan mai laifin ne da kansa ya yi amfani da shi, kansa yake rufa wa asiri, kuma wanda aka cuta yana ganewa nan take. Saboda haka duk inda aka ga “an” a irin wannan saƙo, a gwada sa “na” a wurinsa. Idan jimlar ta zama mai nauyi a baki, alama ce an taɓo gaskiyar.

Haka ma “ka yi haƙuri” ita kaɗai ba ta ɗaukar laifi. Ita ce muke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa da wanda gobara ta cinye wa shago, ba tare da muna da hannu a ciki ba. Tana da wurinta a saƙon, amma sai an riga an faɗi abin da za a yi haƙurin a kansa da wanda ya aikata shi.

Idan matashin nan ya zauna ya lissafa, zai ga laifinsa ba ɗaya ba ne. Na farko, bai biya a ranar da ya faɗa ba. Na biyu, ya ɓuya. A nasa tunanin na farkon ne babba, domin shi ne mai adadi. A wajen yayan kuwa, ina da yaƙinin na biyun ya fi ciwo. Da an kira shi ranar 28 an ce kuɗin ba za su samu ba, da ya nemi wata hanya cikin mutunci kafin a koro yaran. Ɓuyan ne ya hana shi shiri, kuma shi ne ya nuna masa cewa ƙanen ya fifita tsare fuskarsa a kan halin da gidan yayansa zai shiga. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: a ba da haƙuri a kan ƙaramin laifin da ke da sauƙin faɗa, a tsallake wanda ya fi kunya. Hanyar gane shi ba wuya. Abin da ka fi ƙin rubutawa, galibi shi ne abin da ake jira a ji daga bakinka.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Lazare, wanda ya shugabanci makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, ya fitar da littafi sukutum a kan ban-haƙuri a 2004. A cikinsa ya sa amsa laifi a gaba da komai, ya kuma nuna cewa amsawar ba ta cika sai an faɗi wanda ya yi, da abin da ya yi, da illar da abin ya yi wa wanda aka cuta. Wannan na ukun shi ne rubutun farko ya rasa gaba ɗaya. Jimla guda a kan yaran da aka koro ta fi rantsuwa goma, domin ita ce ke nuna wa yayan cewa an ga abin da ya same shi.

Bayani daban, uzuri daban

Yanzu sai jerin dalilan nan huɗu: kasuwa, mai bashi, jikin Inna, da waya. Ba a share su da ka, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya abu biyu. Gaskiya ne? Kuma shi ne ya jawo?

Maganar waya ƙarya ce, kuma yayan ya san ƙarya ce, tunda mai gyaran waya ne ke faɗa. Ƙarya ɗaya irin wannan ta isa ta zubar da sauran saƙon, har da gaskiyar da ke cikinsa. A goge. Jikin Inna gaskiya ne, amma ba shi ya ci kuɗin ba, kuma sa sunanta a nan wata dabara ce ta rufe wa yayan baki, domin wane ne zai ci gaba da faɗa bayan an ambaci uwa marar lafiya? A goge. Yanayin kasuwa kowa na cikinsa, har da yayan da ya ba da rancen. A goge. Saura mai bashi, kuma wannan shi ne ainihin dalilin. To amma yadda aka rubuta shi, “wanda na ba kaya ya ƙi biya”, laifin ya koma kan wani mutum da yayan bai sani ba. Gaskiyar ita ce matashin ne ya zaɓi ya ba da kayan bashi alhali ya san kuɗin da ya saro su da shi na yara ne. Idan aka rubuta “na ba da kayan bashi ban ware kuɗinka ba”, labarin bai canza ba, amma yanzu yana da mai shi.

Wannan shi ne bambancin bayani da uzuri. Bayani yana amsa tambayar da ke ran wanda aka cuta, wato yaya aka yi haka ta faru, kuma bayan an ji shi laifin yana nan inda yake. Uzuri kuwa ana kawo shi ne don a rage laifin ko a raba shi da wasu. Mutane suna son bayani, domin rashinsa kan sa su zaci abin da ya fi muni, kamar raini ko niyyar cinye kuɗin. Amma jimla ɗaya ta isa, kuma ta zo bayan amsa laifi, ba kafinsa ba. Idan dalili ya riga amsa laifi zuwa, mai karatu zai ɗauke shi a matsayin kariya ko da gaskiya ne.

Akwai ƙananan kalmomi biyu da ake farauta a wannan matakin. “Idan ranka ya ɓaci” tana mayar da ɓacin ran abin shakka, kamar matsalar daga zuciyar yayan take, alhali mai saƙon ya san ran ya ɓaci, don haka ma yake rubutu da dare. “Amma” kuwa tana kwashe duk abin da ya gabace ta. Wanda ya ce “na yi kuskure amma kai ma ka san halin da ake ciki” bai amsa komai ba. Wani lokaci abin da ke bayan “amma” gaskiya ne, ɗayan ma yana da nasa laifin. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ko da hakan, wannan saƙon ba wurin lissafin laifin wani ba ne. A ajiye shi zuwa ranar da aka zauna, in har a lokacin yana da sauran amfani.

Sai waɗanda suka fi wuyar gogewa saboda rigar addini da suke sanye da ita: sharrin shaiɗan ne, ƙaddara ce, tsautsayi ne, ɗan Adam ajizi ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Babu wanda ke musun ƙaddara ko ajizanci. Sai dai waɗannan maganganu sun fi kyau a bakin wanda aka cuta, lokacin da ya ga dama ya sassauta. Idan mai laifi ya riga shi faɗa, ya yanke wa kansa hukunci ke nan ya kuma sallami kansa.

Malamanmu suna yawan kawo labarin Ka'abu bin Malik a wa'azin gaskiya, kuma ya dace da wannan wuri. Ya zo a Bukhari da Muslim. Ka'abu bai fita yaƙin Tabuka ba, a shekara ta 9 bayan hijira. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo ya zauna a masallaci, mutum tamanin da wani abu suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka bar wa Allah abin da ke zukatansu. Ka'abu mawaƙi ne mai kaifin harshe, kuma shi da kansa ya faɗi cewa da a gaban wani yake da ya san yadda zai kuɓuta da magana. Amma ya ce ba shi da uzuri, bai ma taɓa samun ƙarfi da wadata kamar a lokacin da ya ƙi fita ba. Danginsa suka bi shi suna zarginsa da ya kasa kawo uzuri kamar kowa. Abin lura shi ne gaskiyar ba ta saya masa sauƙi nan take ba. Shi da Murara bin Rabi'i da Hilal bin Umayya, aka hana kowa yi musu magana har kwana 50, kafin karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba. Wanda zai cire uzuri daga saƙonsa ya san da haka: mai yiwuwa fushin da zai tarar ya fi wanda zai tarar da ya yi kwana-kwana. Abin da yake tsarewa shi ne a ci gaba da yarda da maganarsa.

Magiyar da ta wuce wuri

Mutane da yawa sun yarda cewa uzuri aibi ne, amma suna ganin yawan ƙasƙantar da kai ba ya ɓata komai, ko ba komai ai ladabi ne. A nan nake da ja. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, gaskiya ne, kuma ƙane ya rusuna wa yayansa abu ne mai kyau. Amma a duba abin da jimlolin nan suke yi. “Butulu ne ni, ban cancanci alherinka ba.” Me yayan zai ce? In ya yi shiru, kamar ya amince ƙanensa butulu ne. In ya ce haba, ba haka ba ne, to ga shi yana lallashin wanda ya cuce shi. “Ba na iya barci ba na iya cin abinci.” Yanzu mai ciwon ya zama mai jinya. Da uzuri da irin wannan magiyar hanya ɗaya suke bi: dukansu suna janye hankali daga cutar da aka yi zuwa halin da mai laifi ke ciki.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Wanda ya ce “ni mutumin banza ne” ya hukunta kansa gaba ɗaya, amma bai faɗi abin da zai canza ba. Hali ba a gyara shi ranar Talata. Ƙin ɗaukar waya kuwa ana iya dainawa yau. Saboda haka a gyara, duk jimlar da ke siffanta mutum a mayar da ita mai faɗar aiki. Maimakon “ni butulu ne”, sai “ka taimake ni, na saka maka da ɓuya”.

Haɗa mutum da Allah da Annabi da darajar iyaye ma yana bukatar taka tsantsan. Roƙo ne mai nauyi a wurinmu, kuma nauyinsa ne matsalar. Wanda aka haɗa da Allah yana jin kunyar ya ce bai huce ba tukuna, sai ya ce “ba komai, ya wuce” da baki, abin yana nan a ciki. An samu kalmar yafiya, ba a samu yafiyar ba, kuma an toshe ƙofar sake magana, domin ai ya ce ya wuce. Ba na cewa a cire “don Allah” daga bakin Bahaushe. Sau ɗaya, a wurinta, ladabi ce. Idan ta zo sau uku da rantsuwa a gaba da baya, ta zama matsi. Jimlar ƙarshe ta rubutun farko, “ka amsa mini ko hankalina ya kwanta”, ita kam a goge ta ba tare da an nemi madadinta ba. Ba a bin wanda aka cuta bashin amsa.

Ta yaya za a gane an wuce wuri? A auna nauyin kalaman da nauyin laifin. Wanda ya makara minti 20 ya rubuta shafi guda na tuba, ya sa abokinsa cikin takura, kuma ranar da ya yi babban laifi ba shi da sauran kalmomi. A kuma ƙirga sau nawa aka ce a yi haƙuri ko a yafe. In ya wuce biyu a saƙo ɗaya, maimaitawa ce take cike gurbin wani abu da aka ƙi faɗa.

Adadi da rana

Abin da aka ƙi faɗa a nan shi ne gyara. “Ba da daɗewa ba za ka ji ni” ba alƙawari ba ne, domin babu ranar da za a ce an saɓa shi. A 2016, Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike da suka yi da mutum 755. Sun raba ban-haƙuri gida shida: nuna baƙin ciki, bayanin abin da ya faru, amsa laifi, nuna tuba, tayin gyara ɓarna, da neman yafiya. Suka riƙa nuna wa mutane saƙonni masu ɗauke da wasu daga ciki suna tambayar wanne ya fi gamsar da su. Amsa laifi ne ya zo na ɗaya, tayin gyara ya bi masa, neman yafiya kuma ya zo ƙarshe. A Amurka aka yi binciken, kuma a wurinmu neman gafara yana da matsayin da ba za a yar da shi ba. Amma jerin bai saɓa wa abin da ɗaliban ilimi suka karanta a Riyadus Salihin ba, inda Imam Nawawi ya kawo sharuɗɗan tuba uku, barin laifin da nadama da ƙudurin rashin komawa, sannan ya ƙara na huɗu idan haƙƙin wani ne: a fita daga haƙƙin, in dukiya ce a mayar.

To sai matashin ya ajiye waya ya buɗe littafin cinikinsa. Yana da dubu 90 a hannu. Ragowar dubu 60 zai iya tarawa cikin mako uku in ya matse. Zuciyarsa za ta ce ya rubuta “ƙarshen makon nan zan biya duka” don saƙon ya yi daɗin karantawa. Wannan tarko ne. Alƙawari na biyu da aka saɓa ya fi na farko ɓarna, domin shi ne ke mayar da ban-haƙurin kansa ƙarya. A faɗi ranar da ake da tabbas, a ƙara 'yan kwanaki a kai, ko da ba ta yi daɗin ji ba. “In sha Allahu” kuma ta zo tare da ranar, kada ta zauna a madadinta.

Haka alƙawarin “ba zan sake ba”. Ba zai iya rantsewa cewa ciniki ba zai sake karye masa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ba zai sake ɓuya ba, kuma wannan zai rubuta. Ga saƙon bayan gyara:

“Assalamu alaikum Yaya, barka da dare. Na yi maka alƙawarin mayar da dubu 150 ɗinka ranar 30 ga watan jiya, ban cika ba. Da ka yi ta kira kuma, ina gani na ƙi ɗauka maimakon in gaya maka gaskiya. Ka faɗa mini kuɗin makarantar yara ne, kuma na ji an dawo da su gida har sai da ka ranto a wani wuri. Ni na jawo maka wannan. Na ba da kayan bashi ban ware kuɗinka ba, laifina ne. Gobe da safe zan tura maka dubu 90, ragowar dubu 60 kuma ranar 15 ga wata mai kamawa, in sha Allahu. In wani abu ya gitta, ni zan kira ka kafin ranar. Don Allah ka yi haƙuri, Yaya, ina neman gafararka. In ka ba ni dama, zan zo gida ranar Juma'a bayan la'asar in faɗa da bakina.”

Tsawon saƙonnin biyu kusan ɗaya ne. Ladabin bai ragu ba: sallama tana nan cikakkiya, “Yaya” na nan, neman gafara na nan. Da kawunsa ne ko surukinsa yake rubuta wa, sai “ka” ta koma “ku”, ya ce Kawu ko Baba, sauran ginin kuma ya tsaya yadda yake. An cire “ya iyali?” da gangan, domin tambayar lafiyar iyalin da kai ka jefa cikin damuwa, kafin ka amsa laifinka, tana iya yi wa mai karatu zafi.

Kafin a tura, a karanta shi da murya, a hankali, kamar mutumin yana zaune a gabanka. Jimlar da ba za ka iya faɗa masa ido da ido ba, ko dai ƙarya ce ko wasan kwaikwayo. Wannan ya fi muhimmanci ga masu tura saƙon murya, domin baki ba ya jiran gyara: ana farawa da amsa laifi, kafin minti biyu an koma labarin kasuwa. Gara a rubuta tukuna, a gyara, sannan a naɗa. A kuma tura shi dunƙule, saƙo ɗaya, ba guntu-guntu goma da za su yi ta kaɗa wayar mutum ba.

Gyara yana da iyaka. Ba ya mayar da saƙo madadin zuwa. Tsakanin ƙane da yaya, ko ɗa da uba, ko miji da matar da ta yi yaji, saƙo buɗe ƙofa kawai yake yi, shi ya sa aka rufe wannan da neman izinin zuwa. Inda laifin ya yi girma ana bukatar a ɗauki wani babba a tafi da shi, amma ko a gaban babban, mai laifi ne zai faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a kuma, saƙon sirri bai isa ya wanke shi ba, sai an gyara maganar a gaban waɗanda suka ji ta. Sannan amsa laifi ba ya nufin ɗaukar wanda ba naka ba. Da a ce kuɗin da yayan ya ranto sun zo masa da wata rigima ta daban, matashin zai amsa cewa shi ya tura shi neman rancen, amma ba sai ya rubuta cewa komai da komai laifinsa ne don kawai a huce ba. Inda kuma magana za ta iya kaiwa ga hukuma, kamar hatsarin mota ko asarar kayan wurin aiki, a rubuta abin da aka tabbatar an yi kawai, domin rubutu yana zama hujja.

Mai yiwuwa yayan ya karanta ya yi shiru. Matashin zai ga alamar an buɗe saƙon, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin ya ƙara wani: ka gani kuwa, Yaya? Kada ya ƙara. Abin da zai biyo bayan wannan saƙon shi ne dubu 90 da safe, da gajeren layi cewa an tura. In Juma'a ta zo ba a ce ya zo ba, kada ya faɗo gidan da rana tsaka da rakiyar mutane. Ya jira ranar 15 ya cika ragowar, sannan ya sake neman izinin zuwa, sau ɗaya, ko ya roƙi kawun nasu ya nema masa.